Wa ya kamata ya fi biyan haraji: mai cin moriya ko mai ƙarfin aljihu?

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji ranar 26 ga Yuni, 2025, waɗanda aka tsayar da 1 ga Janairu, 2026 a matsayin ranar fara aiki da su, ana ta jin maganganu biyu masu karo da juna. Gwamnati na cewa dokar ta sauke wa talaka kaya, domin duk wanda kuɗin shigarsa bai wuce naira 800,000 a shekara ba, ba zai biya ko sisi ba. Masu suka kuma na nuna wani sashe na wannan doka ɗin da ya tanadi ƙarin kashi 5 cikin ɗari a kan fetur da man gas, suna cewa ai talakan ne zai ɗauka.

Duka maganganun biyu suna da tushe a cikin dokar. Abin da ya rikita jama'a shi ne, haraji biyun ba da mizani ɗaya aka auna su ba. Na kuɗin shiga an gina shi a kan tambayar "nawa kake iya biya?", na mai kuma a kan tambayar "nawa kake amfana?". Masana tattalin arziki sun shafe fiye da shekara ɗari biyu suna jayayya a kan waɗannan tambayoyi, kuma a jiha irin Kebbi, inda fetur yake ba shinkafa ruwa kamar yadda yake tura mota, bambancinsu yana fitowa fili.

## Mizanan biyu

Na farko shi ne mizanin cin moriya. Ma'anarsa, kowa ya biya gwargwadon abin da yake samu daga aikin hukuma. Haraji a nan kamar farashi ne. Mahauci yana biyan kuɗin mayanka domin shi ke amfani da dandamalin da ruwan wanke shi, direba yana biyan kuɗin tasha domin a nan yake lodi, mai rumfa yana biyan kuɗin rumfa. Wanda bai shiga ba, ba a bin sa komai.

Na biyu shi ne mizanin ƙarfin biya. Shi ba ya tambayar abin da mutum ya samu daga hukuma. Yana ɗaukar cewa tafiyar da ƙasa nauyi ne a kan kowa, sai a raba nauyin gwargwadon abin hannun kowa. Yana da sharaɗi biyu: masu ƙarfi ɗaya su biya daidai, kuma wanda ya fi ƙarfi ya fi biya.

Adam Smith, a littafinsa na 1776 a kan arzikin ƙasashe, ya haɗa su ne a magana ɗaya. Ya ce 'yan ƙasa su biya gwargwadon ikonsu, sannan ya fassara ikon da cewa shi ne kuɗin shigar da suke mora a ƙarƙashin kariyar hukuma. Wato a ganinsa mai dukiya ya fi biya domin ya fi ƙarfi, kuma domin dukiyarsa ce aka fi karewa. John Stuart Mill ne ya raba garin a 1848. Ya ce in dai da moriya za a auna, to raunana ne suka fi kowa buƙatar kariyar hukuma, don haka su za a fi ɗora wa haraji, abin da hankali ba zai ɗauka ba. Shi ya sa ya koma kan cewa adalci shi ne kowa ya ji zafin biyan daidai da na ɗan'uwansa. Daga baya wasu masana 'yan ƙasar Suwidin, Knut Wicksell a 1896 da Erik Lindahl a 1919, suka farfaɗo da mizanin moriya, da hujjar cewa mutane sun fi yarda da haraji idan an ɗaure shi da wani aiki takamaimai da suka amince a yi.

## Ba baƙon zance ba ne a ƙasar Hausa

Dattawa a Argungu, Gwandu da Yawuri ba su manta da kuɗin ƙasa da jangali ba. Jangali kuɗi ne a kan kowane kan saniya, saboda haka yana da ɗan alaƙa da ƙarfin mai biya: mai garke babba ya fi biya. Harajin kai kuwa, a yadda talaka ya san shi, kuɗi ne da ake yanka wa kowane baligi, ko damina ta yi kyau ko fari ya cinye gona. Wannan ne ya sa ya zama babban makamin siyasar NEPU ta Malam Aminu Kano, kuma da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali a jihohinsu. Laifin harajin kai shi ne ya faɗi a mizanan biyu gaba ɗaya: bai duba ƙarfin mutum ba, kuma mai biya bai ga abin da aka yi masa da kuɗin ba.

Zakka ibada ce, ba haraji ba, amma tsarinta ya fi komai saurin fahimtar da mutum mizanin ƙarfin biya. Akwai nisabi, wanda duk wanda bai kai shi ba, babu komai a kansa: shanu 30, awaki ko tumaki 40, hatsi wusuƙi biyar. Mai bayarwa ba ya jiran wani aiki a madadin abin da ya fitar, domin masu karɓa daban ne. Har wahalar samu an lura da ita, tunda amfanin gonar da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya bisa goma, wanda aka shayar da wahala da tsada kuwa ɗaya bisa ashirin.

Sai dai akwai abin lura a nan. Zakkar kuɗi kashi 2.5 cikin ɗari ce ga duk wanda ya kai nisabi, mai miliyan ashirin ne ko mai biliyan ashirin. Ke nan cewa mai ƙarfi ya fi biya bai yanke hukuncin ko kason ya tsaya wuri ɗaya ko ya riƙa hawa ba. Masu son kaso ya riƙa hawa suna kafa hujja da cewa naira dubu goma a hannun mai albashin dubu ɗari kuɗin cefane ne, amma dubu ɗari a hannun mai miliyan ɗaya ba ta taɓa tukunyarsa. Masu adawa na cewa babu ma'aunin da ke auna zafin da wani ke ji a ransa, don haka matakan da ake gani a doka zaɓin 'yan siyasa ne, ba sakamakon lissafi ba. Wannan batu na biyu gaskiya ne, ko da mutum yana goyon bayan na farkon.

## Harajin kuɗin shiga: yadda lissafin yake

Sabuwar dokar ta raba kuɗin shigar shekara zuwa matakai. Naira 800,000 na farko babu haraji. Miliyan 2.2 da ke biye, kashi 15 cikin ɗari. Miliyan 9 na gaba, kashi 18. Daga nan kashi 21, sai 23, har zuwa kashi 25 a kan abin da ya haura miliyan 50.

Kuskuren da aka fi yi shi ne zaton cewa da zarar mutum ya tsallaka wani mataki, duk kuɗinsa ne za a yanka da sabon kason. Ba haka ba ne, abin da ya haura kawai ake yanka. A ɗauki malamar makaranta a Birnin Kebbi mai albashin naira 100,000 a wata, wato miliyan 1.2 a shekara. Don sauƙin lissafi a ajiye kuɗin fansho da sauran abubuwan da doka ta yarda a cire. Za a ware 800,000, saura 400,000. Kashi 15 na wannan shi ne 60,000 a shekara, dubu biyar a wata, kashi 5 cikin ɗari na albashinta. Idan tana biyan hayar gida ta 300,000, doka ta ba ta damar cire kashi 20 na kuɗin hayar, wato 60,000, kafin a yi lissafi, sai harajin ya sauko zuwa 51,000. Iyakar wannan rangwamen haya naira 500,000 ne.

Babban jami'i mai 500,000 a wata yana da miliyan 6 a shekara. Zai biya 330,000 a kan miliyan 2.2 na mataki na biyu, da 540,000 a kan miliyan 3 da suka rage. Jimilla 870,000, kashi 14.5 na albashinsa. Ya ninka malamar sau biyar a albashi, ya ninka ta fiye da sau goma sha huɗu a haraji, alhali titi ɗaya suke bi, asibiti ɗaya aka gina musu, ƙila ma shi 'ya'yansa suna makarantar kuɗi. A mizanin moriya wannan ba adalci ba ne. A mizanin ƙarfin biya, abin da ake nema ke nan.

Amma ko a nasa mizanin, harajin yana da giɓi biyu. Na ɗaya, bai ƙirga bakin da ke ci daga albashin ba. Magidanci mai mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya, da tuzurun da ke kan albashi ɗaya da shi, haraji ɗaya za su biya, kuma ba wanda zai ce ƙarfinsu ɗaya. Na biyu, wanda ya fi girma, shi ne ma'aikaci ana cire nasa tun kafin albashi ya shiga asusu, amma dillalin shinkafa ko ɗan kasuwar shanu da ke juya ninkin wannan kuɗi a hannu, sai abin da ya bayyana ko aka ƙiyasta masa. Mizanin ƙarfin biya yana buƙatar a san abin da kowa ke samu, kuma a jihar da akasarin jama'arta manoma ne da masu sana'ar hannu, babu takardar da za a duba.

## Kashi biyar na mai, da manomin fadama

Wannan ƙarin ba a 2025 aka ƙirƙiro shi ba. Tun 2007, lokacin da aka yi wa dokar hukumar gyaran hanyoyin tarayya ta FERMA gyara, aka tanadi kashi 5 cikin ɗari a kan fetur da man gas domin gyaran hanyoyi, amma ba a aiwatar ba. Sabuwar dokar ta ɗauko shi, ta keɓe kananzir da gas ɗin girki da gas ɗin mota daga ciki, ta kuma ce ba zai fara aiki ba sai ministan kuɗi ya ba da umarni a rubuce. A watan Satumba na 2025 ministan kuɗi Wale Edun ya ce babu shirin fara karɓarsa nan kusa. Duk da haka tanadin yana nan a doka, kuma ya cancanci a auna shi.

Hujjar masu kare shi ta mizanin moriya ce zalla. Ba za a iya kafa shingen karɓar kuɗi a kowace hanya ba, amma duk wanda ya fi yawo a titi ya fi shan mai, don haka lita ta zama ma'aunin amfani da hanya. Tsohuwar da ba ta taɓa barin ƙauyensu ba, me zai sa a gyara titin Jega zuwa Yawuri da kuɗinta, alhali ga masu motocin da ke bin sa kullum? Hujja ce mai ƙarfi, kuma ƙasashe da dama suna tara kuɗin gyaran hanya ta wannan hanya.

A gwada shi da alƙaluman misali. A ƙaddara lita tana naira 900, ƙarin zai zama naira 45. Jami'in nan mai 500,000 idan motarsa na shan lita 120 a wata, zai biya 5,400, kusan kashi 1 cikin ɗari na albashinsa. Ɗan kabu-kabu mai ƙona lita huɗu a rana zai biya naira 180. Idan abin da yake komawa gida da shi 4,500 ne, kashi 4 cikin ɗari ke nan. Mutumin da harajin kuɗin shiga ya yi wa sauƙi domin ƙarfinsa kaɗan ne, harajin mai ya ɗora masa kason da ya ninka na jami'in kusan sau huɗu. Zai iya ƙara kuɗin hawa, amma fasinjansa ma ba mai mota ba ne. Mai kare mizanin moriya zai amsa cewa ai ɗan kabu-kabu a titi yake wuni, kuma shi ne ramuka suka fi ci wa taya da baya. Wannan amsa tana tsayuwa, matuƙar an yarda ba ƙarfin aljihu ake aunawa ba.

Inda ba ta tsayuwa shi ne a fadama. Noman rani na shinkafa a Argungu, Augie, Suru da sauran garuruwan da ke bakin gulbi ya dogara ne da ƙananan injinan ban ruwa, kuma da yawansu fetur suke sha. A ƙaddara manomi ya ƙona lita 200 daga dashe zuwa yanka, zai biya naira 9,000. Ko lita ɗaya daga ciki ba ta taka kwalta ba. An karɓi kuɗin hanya a hannunsa a kan man da ya shiga gona. Haka mai injin niƙa, da tela ko mai aski da ke tayar da janareta idan babu wuta. A ƙasar da lantarki ba ya yankewa, fetur da tafiya kusan abu ɗaya ne. A nan ba haka ba ne, sai ma'aunin ya karkace. Wasu ƙasashen suna warware wannan da rina man noma wani launi a sayar da shi babu harajin hanya, ko a mayar wa manomi kuɗinsa, amma duka biyun suna buƙatar rajistar manoma da sa ido mai tsauri, balle a jihar da ke iyaka da Nijar da Benin.

Akwai karkata ta biyu a ɗaya ɓangaren. Gwajin da injiniyoyi suka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1950 ya nuna ɓarnar da mota ke yi wa titi tana hawa da sauri fiye da nauyinta: idan nauyin da ke kan gatarin taya ya ninku biyu, ɓarnar takan ninku kusan sau goma sha shida. Tirela mai lodin da ya wuce ƙa'ida tana iya shan man ƙananan motoci kaɗan, amma ɓarnarta ta dubbansu ce. Harajin lita ba ya kama wannan. Wanda ke son mai ɓata hanya ya biya gyaranta, sikelin auna nauyin manyan motoci ya fi kusa da muradinsa.

Sai sharaɗi na ƙarshe, wanda in babu shi duk hujjar ta rushe: kuɗin ya tafi hanya. Idan aka zuba shi a babban asusu aka raba kamar sauran kuɗaɗe, ya tashi daga kuɗin amfani da titi ya koma harajin sayayya kawai, kuma a lokacin mizanin ƙarfin biya ne ya rage a auna shi da shi. A wannan mizanin kuwa, lissafin ɗan kabu-kabu ya riga ya nuna sakamakon.

## Inda kowanne yake aiki

Mizanin moriya yana aiki ne idan an san wanda ya amfana, ana iya auna yawan amfanin, kuma ana iya hana wanda bai biya ba. Rumfar kasuwa, mayanka, ruwan famfo mai mita, duk sun cika waɗannan. Tsaro bai cika ko ɗaya ba. Sojan da ya hana hari a wani gari ya kare mai biya da marar biya a lokaci guda, kuma idan aka tambayi kowa nawa tsaron ya kai a wurinsa domin a caje shi, kowa zai rage. Abin da Mill ya faɗa ya fi bayyana a ƙauyukan Zamfara da sassan masarautar Zuru: waɗanda suka fi buƙatar tsaro su ne aka kora daga gonakinsu, su ne kuma ba su da abin biya. Haka rigakafin yara da makarantar firamare, inda cajin kowa gwargwadon amfaninsa zai kori mutanen da aka yi aikin dominsu.

Raunin mizanin ƙarfin biya kuma shi ne ya yanke igiyar da ke tsakanin biya da gani a ƙasa. Ma'aikaci yana ganin an cire masa, amma ba zai iya nuna rijiya ko aji ya ce ga kuɗinsa ba. Shi ya sa za a ga ɗan kasuwar da ke ɓoye wa jami'in haraji cinikinsa, shi ne kuma na farko wajen ba da kuɗin 'yan sintiri ko gyaran kwalbatin unguwa. Ba rowa ke sa shi ɓoyewa ba, ya fi yarda ne da biyan da yake ganin aikinsa.

## Tikitin kasuwa

Ga mafi yawan mutanen Kebbi, harajin da suke haɗuwa da shi kullum ba na Abuja ba ne. Dokar 1998 da ta jera harajin da kowane matakin gwamnati zai karɓa ta bar wa ƙananan hukumomi kuɗin kasuwa, na tasha, na mayanka da na shaguna. Kusan dukansu da sunan moriya ake karɓarsu, kuma kusan dukansu kuɗi ne tsayayye.

A ƙaddara tikitin rana naira 200 ne a wata kasuwar mako. Mai tallan ƙuli-ƙuli da ribarta ta wuni 2,000 ce ta ba da kashi 10 cikin ɗari. Mai shagon atamfa da ya ci ribar 40,000 ya ba da rabin kashi ɗaya. Idan kuɗin shara ne da gadi da inuwa, kuma ana yin su, ana iya kare tikitin da cewa farashin aiki ne, ko da yake mai faranti a rana da mai shago mai ƙofa ba moriya ɗaya suke ci ba. Idan kuma ba a share kasuwar, babu mai gadi, babu makewayi, to tikitin ya zama harajin kai da sabon suna, kuma mai ƙuli-ƙulin da dokar tarayya ta ce kuɗin shigarta bai kai a taɓa ba, tana biyan kason da ya ninka na malamar makarantar nan sau biyu.

Gyaran da wasu ke ba da shawara shi ne a raba tikitin gida-gida bisa girman wuri da irin haja: mai faranti, mai tebur, mai rumfa, mai shago. Girman wuri yana nuna moriyar da mutum ke ci daga kasuwar, yana kuma nuna ƙarfin jarinsa, ga shi ana ganinsa da ido ba sai an buɗe littafin ciniki ba. Matsalarsa ita ce yana ba mai yanka tikiti ikon cewa wane a wannan aji yake, wane a wancan, kuma a nan ne ciniki ke shigowa. Inda aka kafe jadawalin kuɗin a ƙofar kasuwa, aka sa shugabannin 'yan kasuwa cikin rarraba ajin, aka kuma ba da rasit mai lamba, wannan ƙofar tana ƙuntata, amma dillalin hatsi da ke cinikin buhu ɗari a waya ba tare da ya kafa ko tebur ba zai ci gaba da wucewa ba a gan shi ba.